Shafi na Uku

Duk wanda ya yi karatun lauya a wannan sashe cikin shekara ashirin da suka wuce ya san Inna Shaida, ko da bai san sunanta na gaskiya ba. A takardar aiki an rubuta mai shara ce, kuma sharar take yi: ajujuwa huɗu na ƙasa, barandar da ke gabansu, da ɗakin nan na ƙarshen layi da ake kira kotun gwaji. Tana da bokiti mai taya guda da ke kuka kamar ƙofar da ba ta taɓa ganin mai ba, sai dai ɗalibai sun fi tsoron bakinta a kan kukan bokitin. In ka liƙa cingam a ƙarƙashin tebur za ta gano ka ko bayan sati ne, kuma a gaban budurwarka za ta miƙa maka wuƙar kankarewa.

Kotun gwajin ita ce ɗakinta na gaban goshi. Akwai kujerar alƙali a kan dandamali, da dogayen tebura biyu na lauyoyi, da bencina shida na 'yan kallo, sai akwatin shaida a gefe, wanda kafintan makaranta ya haɗa da ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta an tura da gwiwa. Ko'ina a ɗakin gogewa take yi sau ɗaya, amma akwatin nan sau biyu. Ba son katako ne ya sa ba.

Shekara ashirin da shida ke nan da ta taɓa tsayawa a akwati na gaske. Mijinta mai gyaran rediyo ne, yana da ɗan shago a bakin titi, mutum ne mai sanyin hali wanda ko kaza ce ta tare masa hanya sai ya jira ta wuce. Wata rana da rana tsaka ta kai masa abinci, ya ce su tafi gida tare tunda zai kai wa wani maƙwabcinsu rediyonsa. Ya rungumi rediyon da hannu biyu, ya tsaya a kan daɓen masu tafiya da ƙafa, ita kuma ta juya tana fama da kwaɗon shagon. Motar wani kamfani mai kai kaya ta ƙwace wa direbanta, ta kashe shi a wurin.

Da aka je kotu direban ya ce mutumin ne ya sauko kan kwalta ba tare da ya duba ba. Ita kaɗai ce ta ce a'a, a kan daɓe yake, da idonta ta gani. Lauyan direba ya miƙe a hankali, bai ɗaga murya ba, ya nuna mata takardar da ɗan sanda ya rubuta ranar da abin ya faru, ta amsa cewa sa hannunta ne. Ya karanta mata layi ɗaya: na ji ƙara, sai na juya. Ya yi mata tambaya huɗu, duk amsarsu e ce, ya zauna. Alƙali ya dubi lauyan gwamnati ya tambaye shi ko yana da abin da zai ƙara tambayarta. Mutumin ya ɗaga rabin jikinsa daga kujera, idonsa a kan fayil ɗin shari'a ta gaba, ya ce babu. Daga baya alƙalin ya rubuta cewa wadda ta juya bayan ƙara ba za ta iya sanin inda mamaci ya tsaya kafin ƙarar ba, akwai shakka, ya sallami direba.

Wan mijinta bai bari sun kai bakin ƙofar kotu ba. Ya ce mata, "Ke da aka ce ki faɗi abin da kika gani, sai kika je kika ce musu baya kika juya." Har ya mutu bai janye wannan maganar ba. 'Ya'yanta uku sun tashi suna jin dangin ubansu na cewa ai shi ma marigayin da nasa sakacin, tunda kotu ma ba ta kama direba ba. Wannan ya fi komai ci mata rai: mutumin da ke jiran kaza ta wuce, shi aka mayar mai faɗawa titi ido rufe, kuma da e huɗun da suka fito daga bakinta aka yi.

Bayan shekara huɗu ta sami aikin shara a jami'a. Tsohon Farfesa mai koyar da dokar shaida mutum ne mai son hira da kowa, har da masu gadi. Wata safiya ya same ta tsaye a cikin akwatin gwaji, tsumma a hannu, ba ta goge komai. Ya tambaya, ta ba shi labari, tana yi tana zagin lauyoyi kaf ɗinsu har da shi. Bai ji haushi ba. Ya zauna a benci ya bayyana mata abin da babu wanda ya taɓa bayyana mata: shaida zagaye uku take yi. A na farko lauyan da ya kawo ka ne ke tambayarka, kuma ba shi da damar sa maka magana a baki. A na biyu lauyan ɗaya ɓangaren ne ke titsiye ka, shi an yarda ya kawo maganar da kansa, kai dai ka ce e ko a'a. Na uku kuwa, lauyanka ne ke sake tashi ya ba ka dama ka fayyace abin da titsiyen ya dagula, ba sabon zance ba, kuma nan ma ba sa magana a baki.

"Wannan lauyan da ya titsiye ki aikinsa ya yi, Inna," in ji shi. "Wanda ya ce babu shi ne ya zalunce ki."

Da izininta ya rubuta shari'ar, ya sauya sunaye da titi, ya mayar da ita darasi. Fayil ɗin shafi uku ne. Na farko bayanin shari'a, na biyu takardar ɗan sanda, waɗannan kowa ake ba. Na uku na shaida ne ita kaɗai, kuma a samansa an rubuta cewa ba za ta faɗi abin da ke ciki ba sai an tambaye ta. Ya ce ɗalibi ba ya iya zama shaida, don ko dai ya taimaki abokinsa ko ya yi ta wasan kwaikwayo, gara ita. Shekara goma sha bakwai, duk ƙarshen zangon karatu, takan jingine tsintsiya ta shiga akwati, yara su kayar da ita a zagaye na biyu, wani kuma ya tashi yana rawar murya ya tashe ta a na uku. Ta san kotun katako ce, alƙalin ma alli ne a aljihunsa. Amma sau ɗaya a shekara ana tambayarta a gaban mutane ta faɗa, kuma wannan ya ishe ta ta kai wata shekarar ba ta fashe ba. Daga nan sunan Inna Shaida ya bi ta. Farfesa kaɗai ya san cewa labarin nata ne.

Farfesa ya yi ritaya ya koma garinsu, fayil ya kwanta shekara biyar, duk waɗanda suka san shi suka gama suka tafi. Bana ita ma aka kawo mata takarda cewa ƙarshen wannan zangon za ta ajiye tsintsiya. Cikin satin ne sabon malamin dokar shaida, wani matashin Dakta mai tafiya kamar ana bin sa, ya tsayar da ita a baranda.

"Inna, an ce ke kike yi wa Farfesa shaida. Na ga fayil ɗin a kwamfutar sashe, yana da kyau. Za ki taimaka mana ranar Laraba?"

Ba ta nuna masa daɗin da ta ji ba. Ta ce za ta duba. Sai da ya miƙo mata takardu ta ƙirga da yatsa, biyu.

"Ina na ukun, Dakta?"

"Na cire shi. Ɗalibai arba'in da takwas ne, biyu-biyu, kowane rukuni minti bakwai. Titsiye kawai zan gwada. Bayaninki na farko za mu ɗauka kamar an riga an yi shi, mai kare direba ya tashi ya titsiye ki, mai gabatar da ƙara aikinsa ya yi ja in an yi tambayar da ba ta dace ba. Da rana sai su yi musanye."

"To shi zagaye na ukun fa?"

"Wannan sai wani zangon." Ya riga ya kai matakala.

Ta tsaya da takardu biyu a hannu tana lissafi. Sau ashirin da huɗu da safe, sau ashirin da huɗu da rana za a kayar da ita, ba mai tashe ta. Ta yi niyyar bin sa ta gaya masa, sai girman kai ya riƙe ta. Ta tsani a ji tausayinta, kuma ba yaron da zai zo ya sunkuyar mata da kai yana sannu-sannu a kan mijin da ya rasu tun shi yana rarrafe. Ta ce a ranta ai aiki ne, za ta iya. Ƙarya ta yi wa kanta, kuma ta sani.

Ranar Laraba ta goge ɗakin tun bakwai, ta cire rigar aiki, ta ɗaga ƙofar akwati ta tura da gwiwa. Ɗalibai suka cika bencina cikin baƙaƙen kwat, wasu na aro, hannun riga ya rufe yatsu. Dakta ya hau kujerar alƙali, ya jingine wayarsa a jikin robar ruwa yadda kowa zai ga mintoci na sauka.

Na farko ya rikice ya yi ta tambayar launin motar. Ta biyu ta yi daidai. Na uku ya yi daidai. Kafin sha ɗaya sun gane hanya, domin masu jiran layi suna kallo suna kwafa, sai abin ya koma kamar karatun haddar yara. Wannan sa hannunki ne? E. Kin ce kin ji ƙara sai kika juya? E. Kafin ƙarar bayanki ke wajen titi? E. Ba ki da ido a ƙeya? Wannan wani mai neman dariya ne ya ƙara, kuma ya samu. Kowa ya gama sai Dakta ya ce madalla, ya rubuta maki, ya ce na gaba. Ta yi ta addu'a wani wawa ya zarce, ya ce to ta yaya kika gani, domin in mai titsiye ya buɗe ƙofa da kansa shaida na da damar shiga. Amma Dakta malami ne na ƙwarai a wannan fannin. Ya riga ya cusa musu cewa kada su tambayi abin da ba su san amsarsa ba, kuma su tsaya da zarar sun samu abin da suke so. Ba wanda ya zarce.

A rukuni na goma sha huɗu ta fara jin muryar wan mijinta a bayan kowace tambaya.

Rukuni na goma sha bakwai su ne Babban Lauya da Kofur. Babban Lauya shi ne na ɗaya a ajin, dogo, kwat ɗinsa nasa ne na kansa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan tun a shekarar farko. Kofur kuwa ɗan sanda ne da ya ɗauki hutun karatu, ya girmi Dakta, yana zama a bencin baya, ba ya magana sai an kira shi. Inna ba ta taɓa amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya ba, saboda aikinsa kawai.

Babban Lauya ya tashi a hankali, bai ɗaga murya ba. Wannan sanyin ne ya tsinka mata zuciya, don ta san shi.

"Wannan bayanin, ranar da abin ya faru kika ba da shi?"

"E."

"A lokacin komai sabo ne a ranki."

"E."

"An karanta miki kafin ki sa hannu."

"An karanta."

"Kin ce, na ji ƙara, sai na juya. Maganarki ce."

"Maganata ce."

"Kafin ki juya, kwaɗo kike kallo."

"E."

"Kwaɗon yana jikin ƙofa, titi yana bayanki."

"E."

Ya ajiye takardar. "Ina shaida miki cewa ba ki ga inda mamacin ya tsaya lokacin da aka buge shi ba. Shi ya sauko kan kwalta, ke kuma kika zo nan kina faɗin abin da kike so ya zama."

"Ba haka ba ne. Abin da ya faru shi ne, da motar ta..."

"Ya mai shari'a, ta amsa, ta ce ba haka ba ne. Ban nemi ƙari ba."

Dakta bai ɗago daga takardar maki ba. "Shaida ta tsaya a kan abin da aka tambaye ta. In akwai bayani, lauyanta zai ba ta dama a zagaye na uku."

Abin da alƙalai ke faɗa ne kullum, kuma bakinsa ne kawai ya faɗa don ya saba. Inna ta juya gaba ɗaya ta fuskanci kujerar.

"Wane zagaye na ukun?"

Dakta ya ɗago kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Tambaya nake, ranka ya daɗe. Ka ce in yi shiru, wai za a ba ni dama a na uku. Ina yake? Ba kai ka cire shi ba? Tun safe sau goma sha bakwai kuna rufe min baki da alkawarin abin da ka san babu shi. Kana koya wa yara arba'in da takwas yadda za su kayar da mutum, ko ɗaya ba ka koya masa yadda zai ɗaga nasa ba. Gobe rabinsu lauyoyin gwamnati za su zama. Za a kayar musu da shaida a gabansu, alƙali ya tambaye su, su ɗaga rabin gindi daga kujera su ce babu, saboda haka suka ga an yi a nan."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta da sauri.

"Inna, wannan gwaji ne na titsiye kawai, na gaya miki tun farko. Lokaci..."

"To ka ce yi shiru don lokaci. Kada ka ce yi shiru don doka. Dokar ba haka ta ce ba, ni mai shara na sani."

A nan fa ta kama shi, kuma a gaban ɗalibansa. Ya dubi wayar, ya dubi ajin. A yi masa adalci, bai yi borin kunya ba. Ya miƙa hannu ya tsayar da agogon.

"Mai gabatar da ƙara, kana da tambaya? Minti biyu."

Kofur bai shirya wa wannan ba, babu wanda ya shirya. Ya tashi da nauyi, ya ɗauki shafi na biyu ya ƙura masa ido. Shi dai ya rubuta irin wannan takardar ta fi ɗari, a tsaye, a kan murfin mota, mutum na kuka yana ba shi labarin minti goma shi kuma yana matse shi a layi biyar.

"Inna, ɗan sandan da ya rubuta wannan ya taƙaita maganarki ne, ko ba haka ba?"

Babban Lauya ya miƙe. "Ina da ja, ya mai shari'a. Yana sa mata magana a baki."

"Ja ya karɓu. Sake tambayar."

Kofur ya share goshi. "Kin ga mijin... kin ga mamacin a kan daɓe, ko?"

"Ina da ja."

"Ya karɓu. Saura minti ɗaya."

Inna ta ji kamar ta fito ta shaƙe shi. Ga ƙofa a gabansa yana ta dukan bango. Amma ba ta taimaka masa ko da ƙifta ido ba, domin shekara goma sha bakwai ba ta taɓa faɗin shafi na uku ba tare da an tambaye ta ba, kuma in ta faɗa da kanta ba shaida ba ce, surutun tsohuwa ne. Ta kafe shi da ido kawai. Ya sake duba layin, bakinsa na motsi. Sai ya sauke takardar.

"An tambaye ki a kan ƙarar da kika ji kafin ki juya. Ƙarar mene ne?"

Babban Lauya ya ɗan yunƙura, ya ga babu abin ja, ya koma.

"Ƙarar durom ce," in ji ta. "Akwai durom na ƙarfe na zuba shara a bakin kwalta, shago biyu kafin namu. Shi motar ta fara duka. Ƙararsa na ji na juya."

"Da kika juya me kika gani?"

"Na ga motar ta hau daɓe tana zuwa. Na gan shi tsaye inda na bar shi, ƙafafunsa biyu a kan daɓe, rediyo a ƙirjinsa, hannu biyu ya rungume shi. Ya juyo ya dube ni, bai dubi motar ba. Sannan ta buge shi. Ƙara biyu ce. Ta biyun ban ji ta da baya ba, ina kallo."

Kofur ya ce ba shi da sauran tambaya, ya zauna a hankali. Babban Lauya kuwa ya riga ya tashi yana jujjuya shafukansa.

"Ya mai shari'a, babu durom a fayil ɗin da aka ba mu. Dokar gwaji ta ce shaida ba za ta ƙirƙiro abin da ba a rubuta ba. Ina roƙon a share wannan amsar."

Dakta ya gyaɗa kai, don shafin da ya cire bai karanta shi da kyau ba, ya ga dai an rubuta zagaye na uku a sama ya goge. "Gaskiya ne. Inna, na gane kina son nuna musu darasi, amma ba a ƙara wa fayil..."

"Ƙirƙira." Ta maimaita kalmar a hankali. Ta sa hannu a jakarta ta fito da takarda ninki huɗu, ta yi laushi kamar tsumma, da sa hannun Farfesa a ƙasa. Ta ɗaga ƙofar akwati, ta taka har gaban dandamali ta ajiye masa. "Ga shafinka na uku. Durom ɗin shuɗi ne, wannan ba a rubuta ba. Rediyon na maƙwabcinmu ne, bai taɓa zuwa ya tambaya ba. Mutumin da kuke ta cewa mamaci tun safe uban 'ya'yana ne. Kwaɗon yana gidana har yanzu."

Babban Lauya ya zauna kamar an zare masa ƙashi. Can ya ce da ƙaramar murya, "Inna, ki yafe ni, ban sani ba."

"Me zan yafe? Kai aikinka ka yi, kuma ka iya. A ba shi makinsa cikakke, Dakta. Wancan ma da ya yi min na gaske ban riƙe shi ba." Ta juya wajen Kofur. "Kai kuma sau biyu kana ɓata min lokaci. In ka koma wurin aikinka ka gaya musu su riƙa rubuta abin da mutum ya faɗa duka, takarda ba ta ƙare a duniya ba."

"To, Inna," in ji Kofur, kansa a ƙasa.

Dakta ya ba da hutun minti goma. Da ɗakin ya watse ya sauko daga dandamali, shafin a hannunsa, ya karanta shi sau biyu. Ya ba ta haƙuri, kuma da gaske yake. Sannan ya ce abin da ya ga ya dace da mai hankali: ba zai sake sa ta shiga akwatin ba, zai nemo ɗalibi ya ƙarasa, kuma daga yau ya janye fayil ɗin gaba ɗaya don girmama marigayi.

Duk fushin da ta yi tun safe bai kai wannan ba. Muryarta ma sai ta yi ƙasa.

"Abin da ka fahimta ke nan? Duk karatun nan naka? Kotun gaske ta rufe shi a kan kwalta, kai kuma za ka rufe shi a kwamfuta, wai girmamawa. Wannan ɗakin ne kaɗai a duniya inda ake cewa a kan daɓe yake. Ƙarshen zangon nan zan tafi, ba zan ƙara shiga akwatin nan ba. In ka janye fayil ɗin, wa zai sake faɗa?"

"Amma yanzu duk sun ji amsar, Inna. Gwajin ya lalace."

"Su ji mana. Farfesa bai taɓa damuwa ba. Jin amsa daban, iya tambayarta ba tare da ka sa min ita a baki ba daban. Ka ga wancan ƙaton sai da ya faɗi sau biyu. Shi ma mai titsiye yanzu ya san akwai rami a gabansa, sai mu ga yadda zai taka." Ta nuna wayarsa da haɓa. "Ka rage musu titsiye zuwa biyar, ka ba ni biyu. In an wuce lokaci ni ke da makullin ɗakin."

Ya tsaya yana kallon takardar. Ya ce zai buga shafin ya mayar cikin fayil, ya dawo mata da nata.

"Riƙe shi. Ni na haddace. Wanda zai tsaya a nan baɗi shi za ka ba, kuma ka gaya masa kada ya faɗa sai an tambaye shi."

Ɗalibai suka dawo, shiru-shiru, ba mai kallon idonta. Ta shiga akwati, ta ɗaga ƙofa ta tura da gwiwa. Rukuni na goma sha takwas 'yan mata ne biyu. Mai titsiyen ta fara da sannu Inna, tana ta lallaɓawa kamar mai ɗaukar ƙwai, sai Inna ta harare ta ta ce, "'Yata, direban nan kike karewa ko ni? Yi aikinki." Yarinyar ta yi, e huɗu cif, ta zauna.

Dakta ya juya ga ɗaya teburin. "Mai gabatar da ƙara, akwai tambaya?"

Wata 'yar siririya ce mai kwat ɗin aro. Ta ture kujera baya ta miƙe tsaye sosai.

"Akwai, ya mai shari'a."

Inna ta gyara tsayuwa, ta dafa katakon da hannu biyu, ta jira a tambaye ta inda mijinta yake tsaye.